Gwanintar Karanta Ranar Gama Aiki Daga Allon Bibiya

"Yaushe za a gama?" ita ce tambayar da ta fi tayar wa masu rubuta manhaja hankali. Galibi sai a taru a ɗakin taro, kowa ya faɗi kwanakin da yake ganin aikin zai ci, a haɗa, a ɗan ƙara wani abu saboda tsaro, a miƙa wa mai aiki. Amma akwai wasu ƙwararru da ba sa tambayar kowa hasashensa. Sai su buɗe manhajar bibiyar aiki, irin su Jira ko Azure DevOps, su kwashi ranakun da aka fara ayyukan baya da ranakun da aka gama su, kafin awa guda su ba da amsar da za a iya dogara da ita. Wannan sana'a tana burge ni ƙwarai, domin kayan aikinta a zube suke a gaban kowa, idon ganinsu ne ya yi ƙaranci.

Kowane kati a allon aiki yana barin sawu. Manhajar tana rubuta ranar da aka buɗe shi, da ranar da aka ja shi zuwa layin `In Progress`, da ranar da ya faɗa `Done`. Daga waɗannan ranaku uku ake fitar da ma'auni biyu. Na farko lokacin jira, wanda allon ke kira `Lead Time`: daga ranar da aka karɓi buƙata zuwa ranar da aka miƙa ta. Na biyu lokacin aiki, wato `Cycle Time`: daga ranar da aka sa hannu a kai zuwa ranar da aka gama. Duk wanda ya taɓa kai ɗinkin Sallah ya san bambancin. Kai da ka kai yadi tun farkon azumi kana ƙirga kwanaki daga ranar da ka ajiye shi, shi kuwa tela daga ranar da ya sa almakashi yake ƙirgawa. Idan ya ce "kwana biyu ne" bai yi ƙarya ba, sai dai bai lissafa makonnin da yadin zai yi a ƙarƙashin na wasu ba.

Shi ya sa gwani yake fara tantance wacce tambaya aka yi masa. Mai kawo sabuwar buƙata yau, da lokacin jira ake ba shi amsa. Katin da aka riga aka fara, da lokacin aiki ake auna shi. Kuma kafin komai sai ƙungiyar ta daidaita a kan abin da take nufi da "an fara" da "an gama". Idan `Done` a wurin mai rubuta manhaja yana nufin ya rufe kwamfutarsa, a wurin mai aiki kuma yana nufin abin ya isa hannun masu amfani, to akwai kwanakin gwaji da na fitarwa da suka ɓace a tsakani.

Mu ɗauki misali. A ce wata ƙungiya ta fitar da katunanta 20 na ƙarshe zuwa Excel, ranar farawa a layin B, ranar gamawa a layin C. A layin D sai a rubuta `=C2-B2+1`. Ana ƙara ɗayan nan ne domin katin da aka fara aka gama a yini guda kada ya fito da sifili. Da aka jera kwanakin daga ƙarami zuwa babba, ga abin da ya fito:

1, 1, 2, 2, 2, 3, 3, 3, 3, 4, 4, 4, 5, 5, 6, 7, 9, 12, 16, 24

Sabon shiga zai tara su ya raba da 20, ya samu kusan kwana 6, ya ce kowane kati kwana 6 yake ci. Gwani kuwa jerin yake kallo. Yawancin katunan sun taru a ƙasa, 'yan kaɗan kuma sun miƙe can nesa, kuma haka ayyukan manhaja suka saba: kati ba zai gaza yini ɗaya ba, amma babu iyaka ga yadda zai iya maƙalewa, ko don jiran amsar wani ofishi, ko don wata matsala da ba a hango ba. Wanda ya yi alkawarin kwana 6 a wannan ƙungiya zai saɓa sau 5 cikin 20, wato sau ɗaya cikin huɗu.

Don haka sai ya ƙirga daga ƙasa. Kati na 10 kwana 4 ya ci, ke nan rabin ayyukan ba sa wuce kwana 4. Kati na 17 kwana 9 ya ci, kuma 17 cikin 20 shi ne kashi 85 cikin 100. A nan yake tsayawa, ya ce: "Idan muka fara kati, cikin kwana 9 ko ƙasa da haka muke gamawa, sau 85 cikin 100." Wanda ya yi amfani da `=PERCENTILE.INC(D2:D21,0.85)` zai ga 9.45, saboda Excel yana cike tazarar da ke tsakanin kati na 17 da na 18, kuma mai taka-tsantsan sai ya kai shi 10. Kashi 85 ba doka ba ce, al'ada ce da ta yaɗu tsakanin masu bin tsarin Kanban, musamman ta rubuce-rubucen Daniel Vacanti. Aikin da saɓa ranarsa ke jawo tara ko asara, sai a hau zuwa kashi 95, wanda a jerin nan kwana 16 ne.

Abin da ya fi ƙayatar da ni a nan shi ne gaskiyar da ke cikin amsar. Rana ce haɗe da yawan tabbacinta, kuma mai aiki ne zai zaɓi irin kasadar da zai iya ɗauka. Ba a kuma ɓata lokacin kowa wajen kimanta girman kowane kati ba, domin kwanakin nan sun riga sun haɗiye komai: wahalar aikin, da jiran dubawa, da rashin lafiyar ma'aikaci, da ranakun hutu.

To, idan kati 30 ne suka rage kafin a ƙaddamar da manhajar fa? A nan ne mutane da yawa suke zamewa, su ninka 9 sau 30. Lissafin ba ya tafiya haka, domin ana aikin katuna da dama a lokaci guda. Abin da ake buƙata shi ne yawan katunan da ake gamawa kowane mako, kuma daga ranakun gamawar nan ake ƙirga shi. A ce makonni 10 da suka wuce sun ba da 3, 5, 2, 6, 4, 0, 5, 3, 7, 4.

Sai gwani ya rubuta kowace lamba a 'yar takarda, ya zuba a kwano, ya zaro ɗaya ba tare da ya duba ba. Wannan shi ne mako na farko. Ya mayar da ita, ya sake zarowa, yana tarawa har jimla ta kai 30, sannan ya rubuta yawan makonnin da aka ci. Idan aka maimaita haka sau dubbai, za a ga siffar abin da ka iya faruwa. Hanyar Monte Carlo ke nan, wadda Stanislaw Ulam da John von Neumann suka yi amfani da ita a binciken nukiliya na Los Alamos a shekarun 1940. A yau 'yan layuka kaɗan ne:

```python
import random
tarihi = [3, 5, 2, 6, 4, 0, 5, 3, 7, 4]
def gwaji(saura=30):
    mako = 0
    while saura > 0:
        saura -= random.choice(tarihi)
        mako += 1
    return mako
s = sorted(gwaji() for _ in range(10000))
print(s[5000], s[8500])
```

Amsar da za ta fito ita ce 8 da 10. Cikin mako 8, kusan gwaji 6 cikin 10 ne suke kammalawa. Cikin mako 9, sun ɗan haura 8 cikin 10, amma ba su kai kashi 85 ba. Cikin mako 10, sun wuce 9 cikin 10. Wanda ya raba 30 da matsakaicin mako zai yi alkawarin mako 8, bai san cewa kusan sau 4 cikin 10 zai ji kunya ba. Gwani sai ya buɗe kalanda, ya ƙirga mako 10 daga yau, ya ba da wannan ranar. Makon da aka tashi da sifili ma ba ya cire shi don jerin ya yi kyau, tunda irinsa zai sake zuwa.

Duk wannan yana tsaye ne a kan sharaɗi guda: gobe ta yi kama da jiya. John Little ya tabbatar da wata ƙa'ida a 1961 wadda ke nuna cewa, a tsarin da ya daidaita, matsakaicin lokacin da abu ke ɗauka daidai yake da yawan abubuwan da ke hannu a raba da yawan waɗanda ke fita. Ƙungiyarmu tana fitar da kusan kati 4 a mako, kuma tana riƙe da 3 zuwa 4 a hannu, shi ya sa matsakaicinta ke wajen kwana 6. Idan shugaba ya matsa aka buɗe kati 7 a lokaci guda, alhali hannuwan ba su ƙaru ba, matsakaicin zai doshi kwana 12, kuma alkawarin kwana 9 ya rushe tun kafin kowa ya lura. Saboda haka masu wannan sana'a suke tsananta iyaka a kan yawan aikin da ake buɗewa.

Suna kuma da ido a kan bayanan da suka gurɓata. Idan aka ga tarin katuna sun faɗa `Done` duk ranar Juma'a da yamma, alama ce cewa ana share allo ne kafin taro, ba ranar da aka gama ake rubutawa ba. Idan katuna da yawa sun shiga `In Progress` sun fita cikin minti ɗaya, an yi aikin ne a bayan fage sannan aka cike gurbi. Katunan da aka rufe don an fasa su ba sa shiga lissafi. Idan rabin ma'aikata sun sauya, tarihin baya na wata ƙungiya ce dabam, gara a yi aiki da 'yan makonnin da aka samu bayan sauyin. Su ma kati 30 ɗin ba sa zama 30: ana farfasa manya, ana gano sababbi, don haka gwani yana duba yadda ayyukan baya suka kumbura ya ƙara gwargwadon haka.

Hasashen ba ya ƙarewa ranar da aka bayar da shi. Kowace safiya ana duba shekarun katunan da ke hannu, wato kwana nawa kowanne ya yi tun da aka fara shi. Katin da ya kai kwana 5 a ƙungiyarmu ya riga ya wuce abin da fiye da rabin takwarorinsa suka ci, don haka yau za a tambayi abin da ya riƙe shi, a kawo masa ɗauki ko a raba shi biyu, ba sai ya kai kwana 9 ba. Kowane ƙarshen mako kuma ana sa sabuwar lamba a tarihi, a rage katunan da aka gama, a sake gwajin. Idan ranar ta matsa gaba, mai aiki zai ji tun a mako na uku, lokacin da yake da sauran zaɓi: ya rage abin da za a saka a fitowar farko, ko ya ɗaga ranar ƙaddamarwa kafin a buga sanarwa.