Mutum bakwai sun isa

Kwanakin nan duk ofishin da ka leƙa za ka ji ana maganar ware wasu mutane a akwatin imel, don wasiƙarsu ta riƙa hawowa sama. Ina goyon bayan abin, domin na san zafin rashinsa. Ina da ɗan shagon buga takardu, kuma bara wasiƙar wani abokin ciniki, mai ɗauke da gyaran ƙarshe na littafin da zai kai wajen taro, ta kwana uku a ƙarƙashin tallace-tallace da sanarwar banki. Kafin na gan ta mun riga mun buga kwafi 300 da kuskure a bango. Daga aljihuna na biya.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne yadda mutane ke cika jerin. Tun 2012 Apple ya kawo tsarin VIP a manhajar Mail, kuma yana karɓar mutum har 100. Sai ka ga an zuba oga, da mataimakinsa, da surukai, da duk wanda ake jin nauyinsa. Girmamawa ce, na sani, amma imel bai san kunya ba. Idan mutum arba'in ne a sama, ka sake gina tsohon cunkoson ne a sabon wuri. Tambayar da nake yi wa kaina kafin na saka suna ita ce: in wasiƙar wannan ta kwana ban gani ba, me zai lalace? Da wannan ma'auni mai kawo mini takarda ya shiga, akanta ya shiga, wani babban mutum da nake matuƙar ganin girmansa bai shiga ba, don shi in abu ya taso kirana yake yi. Bakwai suka rage.

A Gmail na shirya nawa, kuma da kwamfuta, domin manhajar waya ba ta ƙirƙirar matatar wasiƙu. Ka shiga Settings, sai Filters and Blocked Addresses, sai Create a new filter. A gurbin From ka jera adireshin, kana raba su da OR da manyan haruffa:

```
akanta@example.com OR takarda@example.com
```

A shafi na gaba ne ake yawan kuskure. Jama'a kan zaɓi Always mark it as important su tsaya nan. Matsalar ita ce Gmail, tun da ya fito da Priority Inbox a 2010, shi ma yana yin nasa hasashen: yana duba wanda kake yawan buɗe wasiƙarsa da wanda kake mayar wa amsa, ya liƙa musu alamar muhimmanci. Sai mutanenka bakwai su cakuɗe da waɗanda na'ura ta zaɓa maka. Ni Star it na zaɓa, sannan a Inbox type na sa Starred first. Tauraro ba ya hawa kan wasiƙa sai ni na sa shi ko matatar da na rubuta. Wasiƙar takan zauna a sama ko da na karanta ta, har sai na cire tauraron da hannuna, kuma ba na cirewa sai na ba da amsa. Da safe kallo ɗaya ke nuna mini bashin da ke kaina.

Akwai wani zaɓi kusa da shi, Never send it to Spam. Yana da daɗin ji, amma ina jan kunne a kansa. 'Yan damfara na iya ƙirƙirar wasiƙa da ta yi kama da ta akantanka, kuma wannan zaɓin na buɗe mata ƙofar da mai gadi zai iya rufewa. Ga ta a sama, ga tauraro, zuciya ta riga ta amince. Shi ya sa nake rubuta cikakken adireshi a matata, ba sunan mutum kawai ba, kuma duk wasiƙar da ta ce an canza lambar asusu, sai na ɗaga waya na ji daga bakin mai ita kafin kobo ya fita.

Jerin kuma yana tsufa. Mutum ya bar aiki, ko ya koma rubuto maka da wani adireshin, matatar ba za ta ce uffan ba. Alamar ita ce shiru: wanda ya saba fitowa a sama duk mako, sai a yi wata ba ka gan shi ba. Nemi sunansa a akwatin bincike, sau da yawa za ka tarar da wasiƙarsa a ƙasa da sabon adireshi.

Don Allah, kafin ka ƙara suna na takwas, ka duba wanda za ka cire.