Matambayi Ba Ya Ɓata, Amma Wa Ya Shimfiɗa Masa Fuska?

Tun muna lakwal ake maimaita mana cewa matambayi ba ya ɓata. Ni dai ina da ja da wannan karin magana, domin ya ɗora duk nauyin a kan mai tambaya. In ka yi shiru ka ɓata, laifinka ne. Bai ce komai ba game da wanda ake tambaya. Karin maganar da ya fi shi adalci shi ne wanda ya ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, amma shi ma mun taƙaita shi ga tarbar baƙo, alhali aikinsa ya wuce nan.

Bara na raka gwaggona daga Bana zuwa wani gidan likita saboda hawan jini. Tambaya ɗaya ta riƙe tun daga gida: in ciwon kan ya daina, a bar shan maganin ko a ci gaba? Da muka shiga, mai duba ta bai ɗago kai ba, ya ce "bonjur", ya miƙo hannu a ba shi karne. Ya auna ta, ya rubuta, muka fito. Ba ta tambaya ba, ni ma kunya ta hana ni. Bayan kwana goma kan ya lafa, ta ajiye maganin, ba ta san cewa hawan jini yakan ci gaba da ɓarna ko mutum ba ya jin komai ba.

Zuwa na biyu wani muka tarar. Ya aje biro ya dube ta.

"Inna, ina kwana? Kun zo lahiya?"

"Lahiya lau, ɗana."

"Ina gajiyar hanya? Ina mutanen Bana?"

"Suna lahiya."

"Madalla. To Inna, mi ke tahe da ke?"

Sai ya yi shiru. Duka bai kai rabin minti ba, amma tambayar da ta yi wata guda a cikinta ta fito.

Me ya canza? Mai jin tsoron tambaya ba amsar yake tsoro ba. Tsoronsa kada a gane bai sani ba, a raina shi. Wannan fargaba tana busar da baki, ta sa mutum ya manta kalmomin da ya shirya. Gaisuwa kuwa jerin tambayoyi ce da kowa ya san amsarsu. Ba wanda ke faɗuwa a "ina kwana". Gwaggo ta yi magana sau biyu, an karɓa mata sau biyu, ta ji muryarta a ɗakin kuma ba abin da ya same ta. Magana ta uku ba ta da nauyin ta farko. Tun 1923 Bronislaw Malinowski ya lura cewa irin wannan magana ba labari take ɗauke da shi ba, zumunci take ƙullawa.

Sannan gaisuwar ta gaya mata abu biyu. Da ya ce "Inna", ya ba ta matsayin uwa, kuma uwa ba ta jin nauyin tambayar ɗanta. Da ya gaishe ta da Hausa, ya nuna mata harshen da za a yi magana da shi. A ƙasar Gaya, inda Hausa da Dendi da Faransanci ke haɗuwa a ɗaki guda, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda aka tarba da "bonjur" yakan ɗauka sai da Faransanci za a saurare shi.

Sai dai kada mu yi wa gaisuwarmu yabon da ya wuce kima. Tana da tarko: ƙa'idarta ita ce a amsa da "lafiya lau" ko da mutum na fama. Idan mai gaisuwa ya tsaya nan, ya sa mara lafiya ya ce lafiyarsa lau, ya rufe ƙofar da ya buɗe. Haka ma gaisuwar da ake jerowa ido na kan waya, ko ta kai tambaya goma. Za ka gane ba ta yi aiki ba idan mutum ya ce "dama gaisuwa na zo yi", amma ya ƙi tashi, yana murza bakin mayafi. Maganinta shi ne "mi ke tahe da ke?" da kuma shirun da ke biye. Shirun nan shi ya fi wuya: a wani bincike na Beckman da Frankel a Amurka a 1984, likitoci sukan katse mara lafiya bayan kamar daƙiƙa 18 da fara bayani.

ƴan uwa ɗalibai, gobe wasunmu ne za su zauna bayan tebur, a aji ko a likita. Wanda ya shigo yana in'ina ya riga ya yi nasa ƙoƙarin da ya iso ƙofa. Gwaggo dai yanzu kullum da safe tana shan maganinta.