Jinjina ga Masu Rataya Talabijin a Gwiwa

Gwanin rataya talabijin yakan fara da ƙwanƙwasa bango. A Gwiwa da ƙauyukanta gidaje da dama ginin ƙasa ne da aka yi wa shafen siminti, kuma irin wannan bango ba ya riƙe noti. Nauyi na ja, shafen na tsagewa, ƙasa na zubowa daga ramin. A nan mai amana yakan haƙura da kuɗin aiki, ya ce wa maigida ya ɗora akwatin a kan teburi mai faɗin gindi, ko mai walda ya ƙera masa ƙafa. Wannan gaskiyar ta cancanci yabo.

Idan bangon bulo ne, sai batun tsayi. Ka'ida ita ce tsakiyar allo ta yi daidai da idon mai kallo a zaune. Idon wanda ke kan kujera yana wajen santimita 105 daga ƙasa. Allo mai inci 43 tsayinsa kusan santimita 54 ne, don haka gindinsa zai tsaya wajen 78. Ga masu zama a tabarma kuwa sai a sauke shi ƙasa da haka, domin wuyan da ya ƙage bayan kallon ƙwallo alama ce an ɗaga shi da yawa.

Ƙarfen rataya da ke manne da bango ya wadatar idan allo yana daidai da ido. A gidan kallo, inda dole a ɗaga allon sama da kawunan jama'a, mai sunkuyowa ake sa wa. Ƙarfe mai hannu kuwa yana fisgar notin sama da ƙarfi, saboda haka sai bango mai ƙwari sosai.