Tambayar da ke da amsa ɗaya ba ta titi ba ce

Yanzu da wuya ka buɗe TikTok ko Facebook ba ka ci karo da wani matashi riƙe da ƙaramin makirfo yana tare mutane a bakin Kantin Kwari ko Farm Centre ba. Jin ra'ayin jama'a daɗaɗɗen aiki ne a gidajen rediyonmu, abin da ya sauya kawai shi ne yau duk mai waya ya zama ɗan jarida. Sai dai yawancin bidiyoyin nan salo ɗaya suka kama, wato jarrabawa. A tare bawan Allah yana sauri, a ce ya kawo farillan alwala ko ya faɗi babban birnin wata ƙasa, idan ya ci a ba shi dubu ɗaya, idan ya faɗi a saka sautin dariya a watsa shi duniya. Ni a ganina wannan ragon aiki ne, kuma matsalar daga wajen rubuta tambayar take farawa.

Duk tambayar da ke da amsa ɗaya da ta dace, iri biyu kawai za ta ba ka: wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ko mutum talatin ka tara, abu biyun nan za ka yi ta maimaitawa, dariyar da za ka samu kuwa ta kunyata mutum ce. Akwai kuma wata jarrabawar da masu bidiyo ba su cika lura da ita ba, ita ce ta ɗabi'a. Bahaushe yana ganin kyamara sai ya tuna surukinsa da limamin unguwarsu za su iya kallo, nan take ya gyara murya ya koma mai wa'azi. Ka tambaye shi me zai ce game da tarbiyya ko tsadar aure, zai ba ka amsar da kowa ya haddace, ya rufe da "Allah ya shirya mu". Ba ƙarya ya yi ba, amma ba shi ne ya yi magana ba.

Bari mu ɗauki batun bashi, tunda babu wanda bai taɓa shiga cikinsa ba, ko a matsayin mai bi ko wanda ake bi. Tambayar da ke fara zo wa mutum ita ce, "Me za ka ce game da masu cin bashi su ƙi biya?" Wannan ta mutu tun kafin a fita da ita, domin kowa cewa zai yi ba kyau, su ji tsoron Allah. Sai mai rubutu ya ce bari ya matsa kusa: "Ka taɓa cin bashi ka ƙi biya?" Wannan kuma tuhuma ce, kuma amsarta "a'a" ce, kalma ɗaya, an gama. Babu ɗan kasuwar da zai tsaya a ƙofar shagonsa ya shaida wa duniya cewa shi taurin bashi gare shi.

Yanzu a juya ta: "Wace ƙarya ce wanda kake bi bashi ya taɓa yi maka, har yau ba ka manta ba?" Duba abin da ya faru. An ɗora mutumin a kujerar wanda aka cuta, don haka babu mutuncin da zai tsaya karewa. An nemi abu guda da ya faru, ba ra'ayi ba, don haka dole ya shiga tunani ya zaƙulo labari. Kuma babu mutum biyu da labarinsu zai zo ɗaya. Mai sayar da atamfa zai ba ka labarin wanda ya rantse yana Zariya alhali ga takalminsa a ƙofar zaure. Ɗan adaidaita sahu zai kawo na fasinjan da ya ce ya tura kuɗi, matsalar natiwok ce. Mai abinci za ta tuna wanda ya sauya hanyar zuwa masallaci saboda kwano biyu na shinkafa da wake.

Gaskiyar da ake nema tana zuwa ne a tambaya ta biyu, bayan mutum ya yi dariya jikinsa ya saki. A lokacin ne za ka ce, "To Alhaji, kai idan mai binka ya kira, wace ƙarya ka fi amfani da ita?" Wanda da farko zai ce bai taɓa ba, yanzu sai ya sosa ƙeya ya ce shi wayar yake kifawa. Shi ya sa nake ganin bai kamata a rubuta tambaya ita kaɗai ba. A rubuta ta da ƙanwarta, ta farko ta buɗe baki, ta biyu ta juyo da maganar kan mai amsa. Bayan ta biyun kuma mai makirfo ya yi shiru na ɗan lokaci. Yawancin masu wannan sana'a suna katse mutum da tasu dariyar daidai inda zai faɗi abin da ya fi daɗi.

Tambaya mai kyau kuma gajeriya ce, wadda za a faɗa da numfashi ɗaya cikin ƙarar babura da janareta. Idan sai ka yi bayani kafin a gane ta, koma ka rage. Hanyar gwada ta mai sauƙi ce: kafin a ɗauko kyamara, a kai ta teburin mai shayi ko majalisar unguwa a jefa wa mutum huɗu ko biyar. Idan biyu suka ba da amsa iri ɗaya, ko wani ya fara da "to ai gaskiya a Musulunce", ta koma jarrabawa. Idan kuwa wanda ba a tambaya ba ya tsoma baki yana cewa a tsaya a ji nasa, an dace.

Akwai iyaka da ya kamata mai rubutu ya sani. A nemi dattijuwa ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari a gaban kyamara don a yi dariyar yadda za ta rufe fuska, wannan cin fuska ne ko da an samu kallo. Al'adarmu ta riga ta ware inda tsokana ta halatta. Ka tambayi Bazazzagi abin da ya fi ba shi mamaki ranar da ya fara shigowa Kano, ko Bafulatani me zai yi idan ya wayi gari Babarbare ne maigidansa, za ka sha dariya ba tare da an ɓata wa kowa ba, domin wasa ne da kakanni suka amince da shi.

Na san abin da masu bidiyon jarrabawa za su ce: nasu ya fi yawo, mutane sun fi tura wa juna wanda ya kasa amsa. Haka ne, a yau. Amma su lura da yadda jama'a suka fara ɗaga hannu suna kauce wa makirfo a kasuwa, musamman mata da manya. Wanda aka mayar abin dariya sau ɗaya ba zai sake tsayawa ba, kuma zai gargaɗi duk layinsu. Nan gaba kaɗan waɗanda za su rage su ne masu neman a gan su, waɗanda suka zo da amsarsu a shirye, kuma da irinsu ba a haɗa bidiyon da za a kalla har ƙarshe.