Mai Shakka da Mai Yaƙini: Inda Marubuci Ke Yin Maguɗi

Tsohon salo ne a falsafa a zaunar da mutum biyu, ɗaya ya ce babu abin da ɗan Adam zai sani tabbas, ɗayan ya ce akwai. Cicero ya rubuta irin wannan muhawara shekara 45 kafin haihuwar Annabi Isa, Augustine kuma ya rubuta tasa a 386 don ya rushe masu shakka. Matsalar salon ɗaya ce: alƙalami guda ne ke sa wa bakin biyu magana, kuma mai alƙalamin kusan kullum yana da gwaninsa.

Maguɗin da aka fi yi sananne ne. Mai shakka zai ce ba a san komai tabbas ba, sai mai yaƙini ya tambaye shi ko ya tabbata da hakan. In ya ce e, ya ƙaryata kansa. In ya ce a'a, maganarsa ta faɗi. Sai a tashi taro. Amma wannan tarko yana kama mai musun kai tsaye ne kawai. Malaman tauhidi sun lura da haka, shi ya sa Taftazani, a sharhinsa na Aƙidar Nasafi, ya kasa Sufasɗa'iyya gida uku: masu musun cewa abubuwa suna da haƙiƙa, da masu cewa haƙiƙa tana bin ra'ayin kowa, da 'yan "ban sani ba", waɗanda ke shakkar har shakkarsu. Na ukun nan ba su da da'awar da za a kama su da ita. Sextus Empiricus ma ya daɗe da ba su mafita: maganarsu kamar maganin wankin ciki ce, yana fitar da komai, shi ma ya bi su ya fita. Taftazani ya ce ba a iya muhawara da irinsu, sai dai a gwada musu wuta. To, wuta tana sa mutum ihu, amma mai shakka bai taɓa musun cewa yana jin zafi ba.

A ganina, wanda ya fi yi wa salon adalci shi ne Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, cikin littafinsa Al-Munƙiz minal Dalal. Muhawarar tasa gajeriya ce ƙwarai, kuma masu jayayyar duk a ƙirjinsa suke. Ya fara da gindaya sharaɗi mai tsanani: sani na yaƙini shi ne wanda ko wani ya mayar da sanda maciji don ya nuna uku ta fi goma, za ka yi mamakin gwanintarsa, amma ba za ka daina sanin goma ta fi uku ba. Sai ya auna ido da wannan ma'auni. Ido yana kallon inuwa ya ce a tsaye take, bayan ɗan lokaci a ga ta gusa, ashe tafiya take a hankali. Yana kallon tauraro ya ga bai wuce girman dinari ba, alhali lissafi ya nuna ya fi ƙasa girma. Hankali ya kama ido da ƙarya.

A nan marubuci mai gaggawa zai tsaya, ya ɗora wa hankali rawani. Gazali sai ya ba gaɓɓan da aka kayar baki su kare kansu. Suka tuna masa cewa da can da su ya amince, har hankali ya zo ya ƙaryata su. Me ya tabbatar masa babu wani alƙali a bayan hankali da zai yi wa hankali haka? Rashin bayyanarsa ba ya nufin babu shi. Mafarki kuma ya ƙarfafa maganarsu, don mai barci yana gaskata abin da yake gani har sai ya farka.

Bai iya ba su amsa ba, kuma ya faɗi dalili. Kowace hujja daga ilmin farko na hankali ake gina ta, shi kuwa ake tuhuma, don haka ba zai zama shaidar kansa ba. Ya ce ya yi kusan wata biyu cikin wannan ciwo, kuma abin da ya warkar da shi haske ne da Allah ya jefa a ƙirjinsa, ba jeranta dalilai ba. Mai karatu zai iya karɓar wannan ko ya ƙi, amma ba a ɓoye masa inda hujja ta ƙare ba.

Augustine ya bi wata hanya, wadda Descartes ya sake bi a 1641: ko ana yaudarata, ai dole akwai ni da ake yaudara. Wannan ta tsaya da ƙafarta, sai dai abin da ta samo ɗan kaɗan ne. Mai yaƙini ya shigo muhawarar yana son tabbatar da duniya da mutane da Ubangiji, ya fita da "akwai ni" kaɗai. Yawancin gajerun muhawarori a daidai nan suke sa mai shakka ya sallama, tun ba a tambayi yadda za a tsallaka daga wannan zuwa sauran ba.