Zane Uku, Katanga Ɗaya

Katangar da ake magana a kanta ta wata makarantar firamare ce a birnin Kano, tsawonta mita 12, tsayinta mita 2, tana kallon titi. Masu zane uku ne suka gabatar da samfuri a takarda mai tsawon santimita 60, wato kowane santimita a takarda zai zama 20 a bango. Ra'ayina shi ne, samfurin da ya fi jan ido a hannu shi ne ya fi rauni a bango.

Na farko taron mutane 14 ne, da likita da malama da matuƙin jirgi da sauransu, cikin launi 11, a ƙarƙashinsu jimla mai kalmomi 15 kan amfanin karatu. Na biyu dagin Arewa ne da zayyana irin ta tsofaffin gidajen Zariya, launi uku, babu rubutu. Na uku buta ce ƙatuwa tana zuba ruwa a kan hannaye biyu masu kumfa, a gefe an rubuta "Wanke hannu da sabulu".

Mafi yawan masu ganin katangar daga tsallaken titi za su hango ta, tazarar kusan mita 30. Tunda an rage zanen sau 20, jingine takardar da ja da baya mita ɗaya da rabi daidai yake da tsayuwa a can. Da na yi haka, mutanen zanen farko suka cakuɗe, ban iya raba likita da malama ba. Masu rubuta alluna suna da ƙa'ida: kowace mita 3 ta nisa tana neman harafi ya ƙaru da santimita biyu da rabi, don haka a nan ana buƙatar 25. Haruffan zanen farko rabin santimita ne a takarda, 10 ke nan a bango, karatunsu cikin sauƙi ba zai wuce mita 12 ba. Na zane na uku za su kai 40. Akwai kuma matsalar launi. Mai zanen farko ya ɗora jan rubutu a kan kore, alhali duhunsu kusan ɗaya ne. Da aka yi hoton takardar baƙi da fari, jimlar ta nutse. Dagi kuwa ya tsaya daram, domin layukansa masu kauri ne.

Amma me dagin ke faɗa? Yana cewa nan ƙasar Hausa ce, abin da mai wucewa ya riga ya sani. Zai dace da ƙofar fada ko otal kamar yadda ya dace da makaranta, kuma wannan ne aibinsa, duk da cewa shi na fi so a ido. Zanen farko yana da saƙo mai daraja, sai dai ya tara buri 14 wuri guda, ido bai san inda zai sauka ba. Butar abu ɗaya take nema, wanda yaro ɗan aji ɗaya zai gane kafin ya iya haɗa baƙi, kuma zai iya aikatawa a ranar. Ga shi babu fuska a ciki, abin da zai kauce wa ƙorafin iyayen da ba sa son hoton mutum a bango.

Kuɗin shimfiɗa ɗaya ne ga duka ukun. Filin murabba'in mita 24 ne. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe kamar 8 a kan filasta mai kaushi, shafi uku zai ci lita 9, galan biyu da ɗoriya. Bambancin yana cikin yawan gwangwani da kwanakin aiki. Launi 11 sai a sayi gwangwanin da cikin kofi kawai za a ɗiba, ko a yi ta gauraye, ranar gyara kuma a rasa mai sake haɗa irinsa. Fuskoki sai gwanin da kansa, a ƙiyasina mako biyu. Butar kuwa, in ya fitar da layukan, ɗalibai ma za su cike ta cikin kwana uku. Sannan jan fenti mai haske, wanda zanen farko ya dogara da shi, yana cikin masu saurin koɗewa a rana, yayin da jar ƙasa da ruwan ƙasa na dagi ke jurewa.

Na zaɓi na uku, da sharaɗi biyu. Mai shi ya sa rubutun a gindin katanga, inda ruwan damina ke fantsama laka, fenti ya fara ɓarewa. A ɗaga shi aƙalla rabin mita daga ƙasa. Farin bayan da ya zaɓa kuma ba zai kai ƙarshen hunturu da farinsa ba. A mayar da shi shuɗi mai duhu, rubutu da kumfa su zama farare, a kuma ari siririn layi ɗaya na zayyanar zane na biyu a yi wa saman katangar baki.