Ɗaukar Fitowar Fashi da Dare a Cikin Unguwa

A finafinan Hausa masu ƙaramin jari, da wuya a sami fitowar da ta kai ta fashi da dare haɗari. Ɗan wasa ya rufe fuska, ya riƙe bindiga, ya sheƙa a guje cikin lungu, alhali ma'aikatan ba su wuce shida ko bakwai ba. Hankalin darakta yakan tafi kan haske da sauti, amma ni a ganina wanda ya kamata a fi tsoro shi ne maƙwabcin da bai san fim ake yi ba. Ihun "ɓarawo!" sau ɗaya ya isa a rufe ɗan wasa da duka kafin kowa ya yi bayani.

Shi ya sa aikin ke farawa tun da rana. A je wa mai unguwa, a kai takarda ofishin 'yan sandan yankin, a kuma sami 'yan sintiri, domin su ne ke yawo da gora a daidai lokacin. A faɗa musu ranar da sa'ar, a nuna musu bindigar su taɓa da hannunsu. Daren ɗaukar, a tsayar da mutum ɗaya a kowane bakin lungu, zai fi kyau ɗan unguwar da aka sani, ba ya riƙe fitila, ba ya riƙe makirfo, aikinsa tare masu babur da 'yan kallo kawai. Ɗan wasan kuma kada ya rufe fuska ko ya karɓi bindiga sai kyamara ta shirya, da an ce a yanke ya mayar.

Bindigar ta zama ta roba ko katako, a sa ƙararta wajen tace hoto. Harsashin da babu dalma ma yana kisa daga kusa, shi ya yi ajalin ɗan wasa Jon-Erik Hexum a Amurka a 1984. A 2021 kuwa harsashi na gaske ne ya shiga bindigar fim ɗin Rust, ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a jihar New Mexico. Ƙaramar tawaga ba ta da ƙwararren mai kula da makamai, don haka ba ta da hujjar taɓa abin da ke tashi.

Gudun kansa a gwada shi kafin magariba, da tafiya tukuna, sannan da sassarfa, ana lura da kwata da turakun awaki. Wanda fitila ta haske wa ido ba ya ganin ƙasa idan ya faɗa duhu, to a kawar da waya daga hanyarsa, a bi da ita jikin bango. Janareta kuma, ko ƙararsa ta dami mai sauti, kada a kulle shi a zaure. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari, alamarta ciwon kai da jiri. A ajiye shi a fili, kamar mita 6 daga taga, a ƙaro waya.